Rubutun da na bayan zaure ba sa gani: nazarin wani taron manoma a ƙasar Auyo

Wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasar Auyo ta jihar Jigawa, cikin waɗanda ke noma da ruwan aikin noman rani na kwarin Haɗejia, ta shirya bitar kwana biyu kafin dashe. Malamin gona ya zo da bayaninsa a laftof, an aro majigi, an tayar da janareta, an haska a farin bangon zauren wata makaranta. Ranar farko ta tashi da ƙorafi iri ɗaya daga kowane ɓangare: na gaba sun karanta, na tsakiya sun yi ta matse ido, na baya kuwa sauraro kawai suka yi. Kuma na bayan nan mata ne masu turara shinkafa da 'yan dattawan da suka makara, domin haka ake zama a irin waɗannan tarurruka. Ni aka kira da yamma in duba shafukan kafin zaman washegari, kasancewar tsara irin wannan aiki shi ne sana'ata.

Malamin ya riga ya yanke hukunci cewa majigin ne ya tsufa. Majigin ya kwana biyu kam, amma ba nasa ba ne laifin. Da na tambaye shi girman rubutunsa sai ya ce 18 ne, kuma a wajen wani horo an gaya musu kada a sauka ƙasa da haka. A nan matsalar take. Lambar da ake zaɓa a PowerPoint ba ta faɗin komai game da girman harafi a bango, sai an haɗa ta da tsayin hoton da majigi ya haska da kuma nisan mutumin da ke benci na ƙarshe. Saboda haka ban taɓa laftof ɗin ba tukuna, tef ɗin awo na nema wurin wani kafinta a maƙwabta.

Daga bango zuwa bencin ƙarshe mita 18 ne. Hasken majigin a bango yana da faɗin mita 2 da tsayin mita 1.5, domin majigin irin na da ne mai tsarin 4:3. Shafukan malamin kuma an yi su ne a tsarin 16:9 mai faɗi, wanda PowerPoint ke buɗewa da shi da kansa. Idan aka haska shafi mai faɗi a majigi irin wannan, sai ya cika faɗin ya bar baƙin fili sama da ƙasa. Da muka auna shafin kansa, tsayinsa santimita 112 da rabi ne kacal. Kashi ɗaya cikin huɗu na hasken yana tafiya a banza.

Ga yadda lissafin yake. Shafin PowerPoint, ko mai faɗi ko na 4:3, tsayinsa inci 7.5 ne, kuma kowane inci yana da pt 72, pt kuwa shi ne ma'aunin girman rubutu, wato tsayin shafi gaba ɗaya pt 540. Duk lambar da ka zaɓa wa rubutu, wani kaso ne na wannan 540. Sai dai lambar ba tsayin harafin da ido ke gani ba ne. Tana auna dukkan filin da aka ware wa harafi, har da wurin da "l" ke miƙewa sama da wurin da "y" ke zura ƙafa ƙasa. Abin da ke sa a iya karatu daga nesa shi ne tsayin ƙananan haruffa irin su a, n, s, x, waɗanda su ne suka fi yawa a kowace jimla. Wannan tsayin kuwa wajen rabin lambar ne, kuma ya bambanta daga wani samfurin rubutu zuwa wani: a Arial kusan kashi 52 cikin ɗari ne, a Calibri kusan 47, a Times New Roman kusan 45.

Malamin da Calibri ya yi aiki. Saboda haka ƙaramin harafinsa pt 8.4 ne cikin 540, wanda a bangon nan bai kai santimita 2 ba, 1.75 ne. Na ɗora tef a kan wani "a" na nuna masa, ya ga ko faɗin babban yatsansa bai kai ba.

Masu girka majigi da allunan taro suna da ƙa'ida mai sauƙi, wadda ƙungiyarsu ta AVIXA ta sa a cikin mizaninta na girman allo: domin mutum ya karanta ba tare da wahala ba, nisansa kada ya wuce ninki 200 na tsayin ƙaramin harafi. Harafi mai santimita 1.75 ke nan iyakarsa mita 3 da rabi. Mai ƙarfin ido zai iya jurewa har mita biyar ko shida yana ƙoƙari, daga nan sai hasashe. Matar da ke mita 18 tana kallon harafin da ya kasa kashi ɗaya cikin dubu na nisanta, kuma ko mai cikakkiyar lafiyar ido ba ya rarrabe haruffa a irin wannan ƙanƙanta.

Idan aka juya ƙa'idar, ita ce ke ba da mafi ƙanƙantar girman da za a yarda da shi:

```
tsayin harafi = nisa ÷ 200
pt = (tsayin harafi ÷ tsayin hoto) × 540 ÷ kason x
```

Kason x shi ne wancan 0.52 na Arial ko 0.47 na Calibri. Da muka saka alƙaluman zauren kamar yadda muka same shi, mita 18 na buƙatar harafi mai santimita 9, kuma a hoto mai tsayin 112.5 da Calibri, amsar ta haura pt 90. Da wannan girman kalma uku ko huɗu ne za su shiga layi, layi uku kuma sun cinye shafi. Wannan ya nuna mana cewa ƙara lamba kaɗai ba zai fitar da mu ba, dole a fara gyara zauren kafin a koma kan rubutu.

Gyara uku muka yi, babu wanda ya ci ko sisi. Mun mayar da shafukan tsarin 4:3 ta `Design > Slide Size > Standard (4:3)`, nan take tsayin shafi ya tashi daga santimita 112.5 zuwa 150, kowane harafi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ba tare da an canza lambarsa ba. Sannan muka ja majigin baya zuwa hanyar tsakiyar benci har hoton ya kai mita 2.4 a faɗi da 1.8 a tsayi. Wannan yana da farashi, domin haske ɗaya ne aka baza a fili mafi girma, kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Muka rufe tagogi biyu mafi kusa da bangon da tabarmi, muka bar sauran a buɗe saboda zafi. Ba mu wuce mita 1.8 ba domin daɓen zauren a shimfiɗe yake, babu tudu a baya, dole ƙasan hoton ya tashi sama da mita ɗaya daga ƙasa in ba haka ba huluna su tare layin ƙarshe, rufin kuma bai fi mita uku da 'yan kai ba.

Na ukun ya fi wuya, domin da mutane ake yi. A gaban zauren an bar fili kusan mita huɗu ga babban tebur da kujerun manyan baƙi. Na roƙi shugaban ƙungiyar a karkatar da teburin gefe guda, a matso da benci gaba. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Malam, ka san Mai Gari zai zo." Na ce, "Ranka ya daɗe, in teburin yana gefe shi ma zai ga bangon, yau ƙeya ya ba shi." Ya amince. Bencin ƙarshe ya dawo mita 14.

Yanzu lissafin ya zo inda za a iya aiki da shi. Mita 14 a raba da 200 ya ba da santimita 7. Santimita 7 cikin 180, a ninka da 540, ya ba da pt 21 na ƙaramin harafi. Da Arial ke nan ana buƙatar 40, da Calibri 45, da Times New Roman 47. A nan ne zaɓen samfuri ya fara tasiri. Tazarar da ke tsakanin 40 da 47 ba ƙarama ba ce idan kana neman wurin layi ɗaya a shafi.

Shafukan malamin suna da samfuri huɗu, har da wani mai kwaikwayon rubutun hannu da ya yi kanun magana da shi. Kafin a yi maganar kyau, akwai jarrabawar da duk mai rubuta Hausa ya kamata ya fara yi, wato haruffa masu ƙugiya. Samfura da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu. Idan babu, kwamfuta ba ta faɗa maka, sai ta aro harafin daga wani samfuri ta cusa a tsakiyar kalma. A laftof ba lallai ka lura ba, amma a bango za ka ga harafi ɗaya siriri a cikin masu kauri, ko ya fi 'yan uwansa tsayi, wani lokaci ma akwatin banza ne ke fitowa. Kanun malamin haka suka kasance, kuma don gudun wannan ya riƙa cire ƙugiyar a wasu wurare. A shafin taki har ya rubuta "kara" a inda yake nufin "ƙara", a gaban manoman da kara wani abu ne dabam a gonarsu.

Na buga wannan layin a shafi ɗaya, na maimaita shi da kowane samfurin da muke tunani, muka haska:

```
Ƙasa ƙwari Ɗan ɗaki Ɓera ɓawo 'ya'ya Illa 1 l I 3 8 6
```

Ni da malamin muka koma bencin ƙarshe. Verdana, wanda ake yawan yabawa saboda faɗin haruffansa, ya faɗi tun a nan, domin a wannan laftof ɗin haruffansa masu ƙugiya aro ne. Times New Roman yana da su, amma siraran layukansa sun narke a hasken da ya ragu, "e" da "c" suka zama abu ɗaya. Arial yana da su kuma ya tsaya da kyau, sai dai babban I da ƙaramin l kamanninsu ɗaya, "Illa" ta fito kamar sanduna uku a jere.

Ga jikin bayani na zaɓi Andika. Cibiyar nazarin harsuna ta SIL ce ta ƙera shi musamman domin masu koyon karatu, kyauta ne, kuma yana da dukkan haruffanmu. Abin da ya ja ni gare shi shi ne "a" da "g" ɗinsa irin waɗanda ake rubutawa da alli ne a ajin yaƙi da jahilci, kuma I, l da 1 kowanne da siffarsa. Yawancin mutanen zauren nan ba kullum suke karanta boko ba. Wanda ke karatu kullum yana cinko kalma daga siffarta ko da haruffan sun dushe, amma wanda ke bin harafi ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ya rikice masa, kalmar duka ta tafi. Ƙaramin harafin Andika wajen rabin lambarsa ne, saboda haka 42 lissafi ya ba mu, muka ɗauki 44 da ke cikin jerin PowerPoint. Da tef ya fito santimita 7 da ɗan ɗoriya.

Ga kanun magana na ɗauki Charis SIL mai kauri a kan 54. Shi ma na SIL ne, da haruffan Hausa cikakku. Yana da 'yan ƙafafu a ƙarshen haruffa, amma masu gwaɓi ne, ba sa narkewa kamar na Times New Roman. Dalilin haɗa su shi ne daga nesa ido ya gane take da bayani tun kafin ya karanta. Samfuri biyu masu kama da juna, kamar Arial da Tahoma, ba sa yin wannan aikin, sai dai su sa shafi ya yi kamar an yi kuskure. Ko dai su bambanta sarai, ko a tsaya a gida ɗaya. Shi ya sa na gaya wa malamin cewa duk ranar da ya samu kansa da kwamfutar da ba ta da waɗannan biyun, ya yi take da Arial mai kauri 54, bayani da Arial 40, ya wadatar. A ganina ma wannan ya fi kowane haɗi mai ƙawa da zai lalace a kwamfutar aro.

Wannan lalacewar kuwa gaskiya ce. Samfurin da ka saka a laftof ɗinka ba ya bin fayil zuwa wata kwamfuta, can sai a musanya shi da wani, layuka su goce. PowerPoint na Windows yana da `File > Options > Save > Embed fonts in the file`, amma na fi natsuwa da a fitar da shafukan a PDF, domin yana riƙe haruffan yadda suke. Mun yi duka biyun, muka ajiye a filas da kuma wayar malamin.

Abubuwa biyu suka so su ɓata mana lissafi a cikin PowerPoint ɗin kansa. Akwatin rubutu yana da ɗabi'ar rage girman haruffa da kansa idan magana ta yi yawa, ka sa 44 ya mayar da shi 30 da wani abu ba tare da ka sani ba. Alamar ita ce shafi ɗaya ya fi na gabansa ƙananan haruffa alhali ba ka taɓa komai ba. Muka kashe wannan da `Do not Autofit`. Na biyu, Andika yana barin fili mai yawa tsakanin layi da layi, saboda an tanadi wurin alamomin da wasu harsuna ke ɗorawa a kan haruffa. Muka ƙayyade tazarar da hannu zuwa pt 52, ƙugiyar ƙ da ɗ ba ta taɓa ƙafar layin sama ba. Wanda ke aiki da Google Slides kuma ya lura cewa shafinsu mai faɗi tsayinsa pt 405 ne, saboda haka a lissafin sai ya sa 405 a gurbin 540. Abin da yake 40 a PowerPoint, 30 ne a can.

Sauran daren a kan yanke magana ya tafi, kuma nan ne malamin ya fi jin zafi. A girman 44 layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma biyar, shafi kuma layi huɗu ko biyar a ƙarƙashin take, tare da barin ƙasan shafin fili saboda kawuna. Yana da wani jadawali mai ginshiƙi shida da ya tara lokutan zuba taki, iri da adadi, wanda ya kwafo daga takarda. Ya ce, "Yallaɓai, wannan shi ne zuciyar darasin, ba zai taɓu ba." Ban cire ko lamba ɗaya daga ciki ba. Mun raba shi ne zuwa shafi uku, kowane zubi da shafinsa: take yana faɗin kwana nawa bayan dashe, a ƙasa sunan takin, sai adadin buhu da lamba mai girman 66. Jadawalin cikakke muka kai aka buga a takarda domin a raba, tunda abin da mutum zai koma ya duba a gona takarda ce wurinsa. Shafukan suka ninka yawa, amma lokacin bayanin bai ƙaru ba, domin maganar ɗaya ce. Manyan haruffa zalla da ya yi wasu jimloli da su mun mayar da su ƙanana, rubutun da ya karkata mun miƙe shi, launi kuma baƙi a kan fari mai ɗan duhu. Majigi ba ya haska baƙi, baƙinsa shi ne launin bango a inda haske bai sauka ba, saboda haka a zauren da rana ke shiga shafi mai baƙin fage yakan koma toka-toka, ja ko kore a kansa kuma ya ɓace.

Da safe kafin mutane su cika, na roƙi wata dattijuwa cikin masu turara shinkafa ta zauna a bencin ƙarshe. Na fi son gwaji da idonta a kan nawa, domin ƙa'idar 200 an gina ta ne a kan mai lafiyar ido, a ƙauye kuwa da yawa masu buƙatar tabarau ba su da shi. Na ce, "Inna, me aka rubuta a can?" Ta karanta taken a hankali, ta karanta layi biyu na ƙasa, ta faɗi lambar. A shafi na gaba ta tsaya a kan wani ɗan rubutu da ke ƙarƙashin hoton ganyen shinkafa, ta ce, "Wannan kam ɗana, sai dai ka faɗa mini." Bayanin hoton ne, an bar shi a 28. A bangon nan harafinsa bai kai santimita 5 ba, wato iyakarsa wajen mita 9. Muka ɗaga shi zuwa 44, muka rage kalmominsa zuwa uku, ta karanta. Irin waɗannan ƙananan rubutu na jikin hoto da zane su ne aka fi mantawa, kuma mafi ƙanƙantar girma ya shafe su kamar yadda ya shafi sauran.

Wanda ba zai samu shiga zaure kafin ranar taro ba yana iya yin rabin wannan gwajin a gida. Nisan bencin ƙarshe a raba da tsayin hoto, a wurinmu 14 a raba da 1.8, ya ba da kusan 8. Sai ya buɗe shafin ya cika fuskar laftof, ya auna tsayinsa, ya ja da baya ninki takwas na wannan tsayin. Sai dai ya sani fuskar laftof ta fi bango haske da kaifi, abin da ya karantu da ƙyar a can ba zai karantu a zaure ba.

A zaman rana ta biyu tambayoyi sun fito daga baya, kuma na ga wasu matan suna kwafar lambobin a takarda, abin da malamin ya ce bai gani ba ranar farko. Abu ɗaya bai gyaru ba. Akwai dattawa da dama da ajami suke karantawa, girman boko bai ƙara musu komai ba sai lambobi da hotuna. SIL tana da samfurin Alkalami, wanda aka ƙera a kan salon rubutun ajamin ƙasar Kano, kuma malamin yana son saka layin ajami a ƙarƙashin kowane take a bita ta gaba. Lambar 44 ba za ta yi aiki a can kai tsaye ba, domin ɗigo da wasali ne ke rarrabe haruffan kuma sun fi jikin harafin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai an haska a bangon, a zaunar da mai karanta ajami a mita 14, a riƙa ƙara girma har ya karanta ba tare da ya miƙa wuya ba.